Inci nawa tela zai ƙara a kan awon jiki kafin ya sa almakashi?

"Assalamu alaikum, Maigida. Wata 5 ke nan da aka yaye ni na buɗe shagona. Inda na koyi aiki an ce mini in riƙa ƙara inci 2 a kan awo. Na auna ƙirjin wani mutum 40, na mayar da shi 42, na raba 4 na yanka, kaftanin ya kama shi kamar an ɗaure shi da igiya. Da na ga haka sai na koma ƙara inci 2 ɗin bayan na raba, sai kuma siket ɗin wata mata ya fito yana zamewa daga ƙugunta. Don Allah inci nawa ake ƙara wa kowane irin kaya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya wa shagon albarka. Lissafin da ka kawo ya isa a gane inda gizo ke saƙar, domin duka kayan biyu abu ɗaya ne ya ɓata su. A bakinmu na teloli kalmar alawas tana ɗauke da abu biyu da ba su da haɗi, kuma yawancinmu haka muka koya a cakuɗe. Na farko shi ne bakin ɗinki, wato yadin da ke saura daga inda allura ta bi zuwa inda almakashi ya yanka. Wannan yana cikin riga a naɗe, jiki ba ya shiga cikinsa. Na biyu shi ne sarari, wato bambancin da ke tsakanin kewayen jikin mutum da kewayen rigar bayan an gama ɗinke ta. A cikin wannan ne mutum yake numfashi, ya ɗaga hannu, ya zauna, ya yi ruku'u. Idan ka ce wa yaro ya ƙara inci 2 ba ka faɗa masa wanne daga cikin biyun kake nufi ba, ba ka kuma faɗa masa ko kafin rabawa ne ko bayanta ba, to ka ba shi rabin magana.

Mu bi kaftanin nan da tef. Ka yanka kewaye 42. Gaba yana da baki biyu, baya yana da baki biyu, baki 4 ke nan da za su shiga ƙarƙashin allura. Idan rabin inci ka ci a kowane baki, ɗinki ya cinye inci 2 cif. Abin da ya rage 40, daidai da ƙirjin mutumin. Ka ɗinka masa riga mai faɗin fatarsa, babu ko wurin da zai ja dogon numfashi. Siket ɗin kuwa, a ce ƙugunta 32 ne. Ka raba 4 ya ba ka 8, ka ƙara 2 ya zama 10, ɗinki ya ci rabi ya bar 9 da rabi. Ka ninka sau 4, ka ga 38. Inci 6 ke nan na sarari a ƙugu, wurin da inci 1 ya ishe shi. Duk abin da ka ƙara a kan yadin da ke ninke gida 4, ninkinsa 4 ne zai fito a jikin mai kaya.

Saboda haka tsarin da nake bi, kuma nake koya wa yaran shagona, shi ne wannan. Ka rubuta awon jiki tsuransa. Ka ƙara sarari a kan kewayen gaba ɗaya. Sannan ka raba 4. Sai a ƙarshe ka ƙara bakin ɗinki, ka kuma ja masa nasa layin da alli dabam, yadda za ka ga layi biyu a kan yadin, na ɗinki da na yanka. A littafin awo ma gida uku nake yi: awon jiki, sarari, awon riga. Ranar da mutum ya dawo ya ce ta kama shi ko ta yi masa yawa, na san gidan da zan gyara.

Inda sararin yake fitowa

Adadin sarari ba daga kan tela yake fitowa ba, daga jikin mai kaya ne. Mutum a tsaye yana miƙe, hannuwa a sake, shi ne mafi ƙanƙantar awonsa. Da zarar ya motsa, awon ya canza. Ka gwada da kanka yau: ka zagaya tef a ƙirjinka, ka ja numfashi har ya cika, za ka ga tef ɗin ya buɗe da inci 1 ko 2. Ka auna mazaunanka a tsaye, ka riƙe tef ɗin sakwa-sakwa ka zauna a kan benci, zai ja kamar inci 1 da rabi zuwa 2, mai jiki ma ya fi haka. Ka lanƙwasa hannu ka auna damtse, ya ƙaru. Atamfa da shadda ba sa miƙewa, don haka duk wannan ƙarin dole ya kasance yana cikin rigar tun daga teburin yanka. In babu shi, ɗinki ne zai biya, ko dai ya farke a hammata ko zif ya fashe.

Wannan shi ne sararin dole. A yadin da ba ya talewa, mafi ƙarancinsa kamar inci 2 zuwa 3 ne a ƙirji, rabin inci zuwa 1 a ƙugu, inci 2 a mazaunai, inci 1 da rabi zuwa 2 a damtse, rabin inci a wuya. Ka lura babu wuri biyu da suke da buƙata iri ɗaya. Ƙugun siket ko na wando mai bel shi ke riƙe da kayan, in ya yi yawa zai zame. Ƙirji kuwa a kafaɗa rigar take rataye, don haka yalwa ba ta sa ta faɗuwa.

A kan sararin dole ne ake ɗora na biyu, sararin yayi, wanda shi kuma ra'ayi ne na mai kaya da irin ɗinkin. Saurayin da ke son kaftani mai bin jiki da dattijon da ke son iska ta riƙa ratsa shi suna iya zama da ƙirji ɗaya, amma rigunansu su bambanta da inci 6. Sararin yayi kana iya rage shi har ya ƙare in mai kaya ya so. Na dole kuwa ba a taɓa shi ko da mai kaya ya nace, domin shi zai fara dawowa da rigar a leda.

Akwai abin da ya sa mu a nan ba za mu tsaya a kan mafi ƙarancin ba. Mutumin da kake yi wa ɗinki zai yi salla sau 5 a rana cikin kayan nan. Zai sunkuya ruku'u, ya miƙa hannuwa gaba ya yi sujada, ya naɗe ƙafa ya zauna tahiya. Kafin wannan zai naɗe hannun riga har ya wuce gwiwar hannu don alwala. Zai zauna a tabarma, wataƙila ya hau babur. Ni idan na ba mutum kaya ya gwada a shago, ba na barin sa ya tsaya gaban madubi kawai. Sai na ce ya zauna, ya miƙa hannuwa gaba kamar zai rungumi buhu, ya tura hannun rigar sama. A nan ne riga take faɗin gaskiya.

Kaftani da wando, daga awo zuwa yanka

Bari in ɗauki mutum mai ƙirji 40 kamar naka, amma in ƙara abin da ba ka ambata ba, wato cikinsa. A ce ciki 43 ne a tsaye, 45 a zaune, mazaunai 42, damtse 13, wuya 16. Irin wannan jikin shi ne ya fi yawa a cikin magidanta, kuma a nan sababbin teloli ke faɗawa rami, domin ƙirji kawai suke aunawa su ja layi ɗaya har ƙasa. Kaftani dole ya wuce wurin da ya fi kauri a jiki, ko ina ne shi.

A ƙirji, ga kaftani na tsaka-tsaki, inci 6 nake ba shi. Ya zama 46, rabawa 4 ya ba da 11 da rabi. A ciki kuwa awon zama nake dubawa, 45, in ɗora 3, ya zama 48, rabawa 4 ya ba da 12. Wato daga hammata zuwa cibiya layin gefe zai buɗe da rabin inci, ya ci gaba da buɗewa a hankali har zuwa inda tsagar gefe ta fara. Bayan na ja wannan layin sai in ƙara inci 1 na bakin ɗinki, in yanka a 12 da rabi a ƙirji, 13 a ciki. Inci 1 nake bari a gefe ba rabi ba, don in mutum ya ƙara jiki akwai abin da za a saki. In saurayi ne marar tumbi mai son ta zauna masa, sai in sauko zuwa inci 4 a ƙirji, ba na yin ƙasa da haka a rigar da ake zurawa ta ka. In dattijo ne, 8 zuwa 10.

Dalilin da ya sa na ce rigar da ake zurawa ta ka shi ne, kaftani ba ya buɗewa har ƙasa. Maɓallansa a ƙirji suke tsayawa, don haka dukan jikin rigar sai ya bi ta kan kafaɗu kafin ya sauka, kuma kewayen kafaɗu ya fi na ƙirji. Riga mai maɓalli daga sama har ƙasa tana iya matsewa fiye da kaftani ta kuma saku lafiya. Idan ka ga mutum yana kokawa da kaftani wajen cirewa, yana neman wanda zai ja masa ta baya, to sararin ƙirji ya gaza ko da a tsaye ya yi masa kyau.

Wuya shi ne wurin da ake taka-tsantsan. Awon 16 ya koma 16 da rabi tsakanin maɓalli da ƙofarsa, yadda yatsa biyu za su shiga. In ka kai shi 17 da rabi, kwala za ta ja baya ta bar wuyan, mutum ya fito kamar aron riga ya yi. Damtse 13 kuma nakan kai shi 16. Bakin hannu, in mai maɓalli ne, wuyan hannu da ƙarin inci 2 zuwa 2 da rabi ya isa, tunda za a ɓalle shi. In sake ne babu maɓalli, kada ka duba wuyan hannu ko kaɗan. Ka auna kaurin hannun daf da gwiwa, inda ya fi cika, domin nan bakin hannun zai wuce lokacin alwala. Na sha ganin kaftani mai kyan aiki, an zuba masa zare na kuɗi, amma mai shi sai ya cire rigar ɗungurungum kafin ya wanke hannu.

Sai faɗin baya. Tsakanin hammata da hammata ta baya, jiki yana buɗewa sosai idan aka miƙa hannuwa gaba. Shi ya sa nake barin bayan riga ya ɗara gabanta faɗi a wannan wurin da kamar inci 1. Idan kaftani yana farkewa a bayan hammata, inda hannu ya haɗu da jiki, kada ka zargi zare. Bayan ne ya yi ƙunci, kuma sujada ce take nuna shi.

Wando mai zariya ko roba lissafinsa daban ne, kuma awon ƙugu kusan ba shi da amfani a cikinsa. Tunda babu zif, bakin wandon sai ya wuce mazaunai kafin ya kai ƙugu, don haka daga mazaunai ake lissafi. Awon 42 in ɗora 5 ko 6, ƙubaka ta fito da wannan faɗin, zariya ce za ta tattare ragowar. Cinya ta samu inci 3 zuwa 4. Zurfin hantsa kuwa a zaune ake auna shi: mutum ya zauna a kan benci mai tauri, ka sa tef daga inda yake ɗaura wando a gefe har zuwa kan bencin, ka ƙara inci 1. In hantsa ta gaza, wando zai ja ƙasa ta baya duk lokacin da ya sunkuya. In ta yi zurfi fiye da kima, sai ta riƙa riƙe ƙafa wajen hawa babur, ta yage a tsakiya. Ƙafar wando kuma, kome son matsewar mai shi, ka zagaya tef ta diddige da ƙafar a miƙe ka ga abin da ya bayar, kada bakin ya gaza wannan da ƙarin inci 1.

Babbar riga ba ta cikin wannan lissafin. Ba a auna mata ƙirji, tsawo ne da faɗin hannuwa a miƙe. Abin lura kawai shi ne 'yar cikin da za a sa a ƙarƙashinta kada ta yi yalwar da za ta riƙa cukuikuyewa a hammata.

Riga da siket na atamfa

Ɗinkin mata mai bin jiki shi ya fi rashin yafiya, saboda sararin kaɗan ne, kuskuren rabin inci ma ana ganin sa. A ce ƙirji 38, ƙugu 32, mazaunai 42 a tsaye, 44 a zaune. Rigar, in mai zif ce a baya kuma mai kama jiki, ƙirji ya zama 40, ƙugun rigar 33 da rabi zuwa 34. In mai ɗan sakewa take so, ƙirji 42. Siket kuwa ƙugu 33, rabawa 4 ya ba da 8 da kwata. Mazaunai nakan kai 45, wato inci 1 a kan awon zama, rabawa 4 ya ba da 11 da kwata. Mata da yawa za su ce a rage, a mayar da shi 43 don ya fito da tsari. Nakan gaya musu gaskiya cewa a 43 zai yi kyau a tsaye, amma in an zauna zai haura sama ya tattare a cinya, kuma zif ɗin ba zai yi dogon kwana ba. Iyakar inda nake yarda in sauka shi ne 44.

Kada ka manta dat, wato ɗan kamun da ake ɗinkewa don kaya ya bi siffar jiki, ba sarari ba ne. In za ka kama dat na inci 1 a kowane kwata na ƙugun siket, to a layin ƙugu 9 da kwata za ka ja, domin inci 1 ɗin zai shige cikin dat ɗin ya ɓace. Masu koyo sukan manta su ƙara shi, su kama dat a cikin 8 da kwata, ƙugu ya ragu da inci 4 gaba ɗaya.

Siket mai yanka 6, wanda ke matsewa a gwiwa ya buɗe a ƙasa, yana da nasa haɗarin. Yanka 6 baki 12 ke nan. In a kowane baki allurarka ta shiga ciki da ɗan layi ɗaya na tef, wato kashi 1 cikin 8 na inci, abin da bai wuce kaurin alli marar fiƙa ba, ka yi asarar inci 1 da rabi a kewaye. Rabin sararin mazaunai ke nan ya tafi ba ka sani ba. Shi ya sa nake fiƙe alli kafin in zana irin wannan, in kuma na haɗa yankunan sai na shimfiɗa siket ɗin na sa tef na ga ko ya ba da awon rigar da na rubuta, kafin in sa zif. A gwiwa kuma ba awon gwiwoyi a haɗe ake bi ba. Ka ce ta yi taku ɗaya irin na tafiyarta ta tsaya, a zagaya tef a haka.

Akwai wani wuri da hankali ke yaudarar tela, wato ramin hammata. In mace ta ce ba ta iya ɗaga hannu, abin da zai fara zo maka shi ne ka zurfafa ramin. Sau da yawa wannan ƙara ɓata abin yake yi. Idan ramin ya sauka ƙasa sosai, hannun riga yana haɗe da jikinta a wuri mai nisa da gaɓar kafaɗa, don haka ɗaga hannu sai ya ja rigar duka sama. A riga mai bin jiki ramin ya tsaya kamar inci 1 ƙasa da hammata, yalwar kuma a sa ta a damtse da faɗin baya. Teloli na da sun san wannan, shi ya sa suke sa ɗan ƙyalle mai kusurwa 4 a hammatar taguwa, ya ba hannu hanya ba tare da an faɗaɗa jikin rigar ba.

In za ka sa shafi a ciki, ka ƙara kamar rabin inci a kewaye, domin yadi biyu da ninkin ɗinkinsu suna cin wuri. Shafin kansa kada ya fi na waje ƙunci, in ba haka ba shi zai fara tsagewa.

Rigar awo

Ga wani abu da ya shafi yadda muke aiki a nan. Mata da yawa ba tela namiji ne ke auna su ba, rigar awo ake aikowa. Maza ma sukan aiko yaro da tsohon kaftani a ce a yi kamarsa. Rigar awo tana ɗauke da sararinta a jikinta. In ka shimfiɗa ta ka auna hammata zuwa hammata ka samu 21, kewayenta 42 ne, kuma wannan awon riga ne ba na jiki ba. Bakin ɗinki kaɗai za ka ƙara.

Shekarata ta biyu da buɗe shago aka aiko mini kayan wata amarya, kala 4, da rigar awo ɗaya. Na auna rigar, na rubuta a gidan awon jiki, na ɗora inci 2 kamar yadda na saba. Duka 4 suka fito da yalwar da ba a nema ba, saura kwana 3 ɗaurin aure. Ragewa ba ta tsaya a gefe ba, domin dat ɗin ƙirji sun kauce daga mazauninsu, sai da na farke hannuwa na sake zaunar da su. Kwana biyu na yi a kan keke. Tun daga nan duk awon da na ɗauka daga riga, nakan rubuta "riga" a gefensa da jan biro. Kuma nakan tambayi wanda ya kawo ta: yaushe mai ita ta sa ta na ƙarshe, kuma akwai inda take kama ta? Sau da yawa rigar da ake aikowa awo ita ce wadda aka daina sawa, kuma akwai dalilin da ya sa aka daina.

Haka nan awon kayan ƙaramar Salla. Mutumin da ka auna da la'asar a goman ƙarshe na azumi, cikinsa ba shi ne cikin da zai sa kayan bayan mako biyu ba. In ina da tsohon awonsa a littafi nakan kwatanta, in babu sai in ƙara inci 1 a ciki da ƙugu.

Abin da yadi ke canzawa

Lambobin da na ba ka duk na yadin da ba ya talewa ne. Shadda mai tauri da sitati tana tsayawa nesa da jiki, don haka inci 6 a jikinta yakan yi kama da 8 a ido, amma kuma ba ta ba da kai ko kaɗan in ta matse. Boyel da yadi mai laushi suna kwantawa, suna ɗaukar yalwa ba tare da mutum ya yi kama da buhu ba. Yadi mai roba a jikinsa kuwa yana juya lissafin: ana yanka shi daidai awon jiki, wani lokaci ma a rage inci 1 ko 2, gwargwadon yadda yake talewa ya kuma koma. Ka ja shi a hannu ta faɗi ka saki tukuna. In bai koma yadda yake ba, kada ka rage komai.

Sai shan ruwa. Yadin auduga yakan tsuke a wankin farko, kuma masu shadda ba sa yarda a jiƙa musu ita kafin ɗinki saboda ƙyallinta. In yadin baƙo ne a wurinka, ka yanki ƙyalle, ka zana murabba'i na inci 10 a kansa, ka wanke, ya bushe, ka goge, ka sake aunawa. In ya koma 9 da kwata 3, to a kowane inci 40 za ka rasa inci 1. A kaftani mai sarari 6 wannan ba zai dame ka ba sai a tsawo da wuya. A rigar mace mai sarari 2 kuwa rabin sararin ne ya tafi.

Yadda za ka karanta riga a jikin mai ita

Ranar gwaji, yadi da kansa yake nuna maka. Layukan da suka ja a kwance, daga gefe zuwa gefe, a ƙirji ko a mazaunai, alamar ƙunci ne a daidai wurin. Haka in tsakanin maɓalli da maɓalli yana buɗe baki, ko aljihun gefe ya wangale, ko tsagar kaftani ta buɗe alhali mutum yana tsaye. Ninkin da ya sauko a tsaye daga sama zuwa ƙasa kuwa yalwa ce ta yi yawa. In kana son sanin adadin, ka tsinci yadin da yatsu a ɗinkin gefe biyu lokaci ɗaya har rigar ta taɓa jiki. In abin da ka kama inci 1 ne a kowane gefe, sararin inci 4 ne, domin kowane kamu yadi biyu ne.

Waɗannan lambobi daga teburina suka fito, a kan kaftani, wando da ɗinkin atamfa, kuma mafari ne. Mai ƙiba sosai yana buƙatar fiye da su, domin jikinsa ya fi bajewa a zaune, yaro ƙarami kuma inci 6 a ƙirji zai haɗiye shi, 4 ya ishe shi har da na girma. Kwat ta Turawa mai kafaɗa da shafi aiki ne na masu ita, kada ka ɗauki wannan lissafin ka kai can.

Game da kayan da ke hannunka yanzu: siket ɗin mai gyaruwa ne. Ka cire bel ɗinsa, ka rage inci 5 a ƙugu, ka raba ragin tsakanin gefe biyu da dat, kada ka zuba shi duka a gefe don kada kwankwaso ya yi ƙusumbi, sannan ka sauko da mazaunai zuwa awon zamanta da ƙarin inci 1. Kaftanin kuwa rabin incin da ka bari ba zai ba ka abin kirki ba. In akwai ragowar yadin, ka farke gefe biyu tun daga bakin hannu har tsaga, ka yanka dogon ƙyalle mai faɗin inci 3 da rabi ga kowane gefe, ka sa shi ya bi ta hammata. Bayan ɗinki kowanne zai bar 2 da rabi, ƙirji ya koma 45. Ka tabbata tsawon ƙyallen ya bi tsawon yadin, in kuma shadda ce ka duba furen ya fuskanci inda na jikin rigar ya fuskanta.